Kundin aikin gashin ƙanwata: daga baƙi zuwa labanda, ko iyakar inda muka iya kaiwa

4 ga Janairu

Ƙanwata ta matsa mini tun watan jiya cewa sai na mayar mata da rabin gashinta na ƙasa launin labanda, wato shunayya mai haske-haske ɗin nan. Shekarata ɗaya ina koyon rini, amma ban taɓa yin launi mai haske haka a kan baƙin gashi ba, shi ya sa na buɗe wannan kundin don kada in manta abin da na haɗa da abin da ya fito.

Gashinta bai taɓa ganin rilaksa ba, ba ta taɓa sa masa lalle ko baƙin rini ba. Da ya taɓa ganin ɗaya daga cikinsu da ban fara ba, domin bilicin a kan gashin da rilaksa ta ci karyewa yake jawowa, lalle kuma ba ya fita da bilicin, ja yake bari. A ma'aunin hasken gashi, wanda ke tashi daga mataki na 1 (baƙi wuluk) zuwa na 10 (mafi haske), na sa ta a mataki na 2.

Yau na rage mata bakin gashi, kusan santimita 7, na ɗaure abin da na yanke gida takwas da zare. A kan waɗannan ƙullin zan yi gwaji kafin in taɓa kanta. Kayan da ke hannu: hodar bilicin giram 500, ruwan haɗi mai ƙarfin bolum 20 lita ɗaya, rinin ruwan hoda kwalba ɗaya, rinin shunayya kwalba ɗaya, farin kwandishana, foyil, safar hannu da ƙaramin sikeli. Na ɗiga mata kaɗan daga kowane rini a bayan kunne, za mu jira awa 48 mu ga ko fatarta za ta yi gardama.

6 ga Janairu

Bayan kunne lafiya lau, ba ja ba ƙaiƙayi.

Zagaye na farko a kan ƙullin takwas. Hoda giram 20, ruwan haɗi giram 40, wato ɗaya bisa biyu kamar yadda aka rubuta a jikin gwangwanin. Bolum 20 yana nufin kashi 6 cikin ɗari na sinadarin da ke cinye launin gashi. Akwai bolum 30 mai kashi 9 da bolum 40 mai kashi 12, sun fi sauri, amma gashinta mai murɗiya ne kuma da ma yana da bushewa, gara in bi shi a hankali.

Ina buɗe foyil duk bayan minti goma ina goge gefe ɗaya in duba. A minti 10 ya koma ruwan ƙasa mai duhu. A minti 20 ja ya fito sosai. A minti 35 ja ya fara juyewa ruwan lemo. A minti 45 na wanke, don iyakar da masu hodar suka ba da ke nan. Bayan sun bushe, bakwai sun tsaya tsakanin mataki na 6 da na 7, lemo mai ɗan rawaya.

Na takwas shi ne na yi wa sakaci. Ban naɗe foyil ɗinsa da kyau ba, iska ta shiga, haɗin ya bushe ya yi ɓawo tun kafin rabin lokaci. Bilicin idan ya bushe ya daina aiki, ko da za a bar shi har gobe. Ƙullin ya fito dabbare-dabbare, gefe ɗaya lemo, gefe ɗaya jajir.

9 ga Janairu

Ba aiki. Na shafa musu kwandishana mai kauri na bar su.

13 ga Janairu

Zagaye na biyu, haɗi iri ɗaya. Da gangan na riƙa cire su a lokuta daban-daban. Biyu na wanke a minti 20, ciki har da mai dabbaren da na fara gyara wa jan gefensa, sun tsaya a mataki na 8, rawaya sosai. Sauran shida na bar su minti 40, suka kai mataki na 9, rawaya ce amma ta yi fatsi-fatsi.

Na kusa yin kuskure a nan. Da suna jiƙe na ga kamar duk ba su wuce mataki na 8 ba, har na ɗauko kwano zan ƙara haɗi. Jiƙaƙƙen gashi ya fi duhu a ido. Sai da na busar da su, na fito da su hasken rana na jera a kan farar takarda, sannan bambancin ya fito. A ƙarƙashin ƙwan ɗaki mai jan haske kuwa komai rawaya ne, ba a yanke hukunci a can.

17 ga Janairu

Biyu daga cikin na mataki na 9 na yi musu zagaye na uku, minti 25. Sun kai mataki na 10. Ba fari ba ne, kuma ba zai taɓa zama fari da bilicin kaɗai ba, domin shi kansa abin da aka gina gashi da shi yana da 'yar rawaya tasa. Duk farin gashin da ake gani a hotuna an bi shi da wani rini ne bayan bilicin.

Abin da bai yi mini daɗi ba: da na ja sili ɗaya yana jiƙe, ya miƙe kamar ɗanko, bai koma ba, sai ya tsinke. Na mataki na 9 suna miƙewa kaɗan su koma. Na rubuta wannan da jan biro.

18 ga Janairu

Ranar gwaji. Launi mai haske irin wannan ba wani rini ne na daban ba, rini ne mai kauri da aka tsinka da farin kwandishana. Na auna rini giram 3 cikin kwandishana giram 30, kwano ɗaya na ruwan hoda, kwano ɗaya na shunayya. Na shafa a busasshen gashi, kowane launi a kan mataki na 8, na 9 da na 10, na bar su minti 30, na ɗauraye da ruwan sanyi.

Ruwan hoda dai bai ba ni kunya ba. A mataki na 10 ya fito kusan yadda yake a kwano. A na 9 ya ɗan ja zuwa lemo, ya yi ɗumi, amma duk wanda ya gani zai ce ruwan hoda ne. A na 8 rawaya ta ci rabinsa, ya koma lemo mai haske, kyakkyawa a karan kansa sai dai ba shi aka nema ba.

Labanda kuwa labari ne daban. A mataki na 10 ta fito, amma ta fi ta cikin kwano dusashewa. A na 9 babu labanda ko kaɗan, abin da na samu launin toka ne mai ɗan ƙasa-ƙasa, kamar farin ƙyalle da ya sha wanki da ruwa mai dauɗa. A na 8 kamar ban shafa komai ba, rawayar ce kawai ta ɗan yi dauɗa, kuma a tsakiyar ƙullin na hango wani kore-kore.

Na zauna da su shida a gabana har na gane abin da ya faru. Wannan rinin ba fenti ba ne da zai rufe abin da ke ƙasa. Da an tsinka shi sau goma ya zama shara-shara, ido yana ganin launin gashin ta cikinsa. Ke nan rawayar da ta rage ita ma tana cikin haɗin, tamkar na zuba ta a kwano da hannuna. Ruwan hoda asalinsa ja ne da aka tsinka, ja da rawaya kuwa lemo suke bayarwa, don haka rawaya karkatar da shi kawai take yi, ba ta kashe shi. Shunayya ita ce kishiyar rawaya a da'irar launuka. Idan suka haɗu kashe juna suke yi, abin da ya rage toka ne. 'Yar shunayyar da ke cikin kwanona gaba ɗaya ta ƙare wajen biyan bashin rawaya, ba ta bar komai da ido zai gani ba. Koren kuma daga shuɗin da ke cikin shunayyar ya fito, domin rinin nawa ya fi karkata wajen shuɗi, shuɗi a kan rawaya kuwa kore ne.

Na kai wa uwar ɗakina su ta duba. Ta ɗaga na tokar ta juya shi a haske ta ce, "Ai tona kika yi masa, ba rini ba." Gaskiyarta. Abin da ake yi da gangan don kashe rawaya ke nan na yi ba da niyya ba.

21 ga Janairu

Saura ƙulli biyu a mataki na 9. Tunanina shi ne in fara kashe rawayar, sannan in ɗora labanda a kan fili mai tsabta.

Na farko na wanke shi da shamfu mai shunayya, na bar kumfar minti goma, na busar, sannan na shafa haɗin labanda na ranar 18. An samu ci gaba: shunayya ta fito, ana iya kiranta da sunanta. Amma ta yi hayaƙi-hayaƙi, ba ta da wannan ƙyallin na hoton da ƙanwata ke nuna mini.

Na biyu ban yi masa tona ba, na ƙara ƙarfin rinin ne kawai, giram 6 cikin giram 30. Ya fito shunayya sosai, mai kyau ma, sai dai ya bar sahun launi mai haske, ya koma matsakaici.

Duka biyun abu ɗaya suka nuna mini. Kashe rawaya ba ya ƙara wa gashi haske. Ƙara launi ake yi a kan launi, kuma duk ƙari duhu yake kawowa. Gashin da ke mataki na 9 idan an yi masa tona yana nan a mataki na 9 ko ma ya ɗan sauka a ido, rawayar ce kawai ta koma toka. Labanda mai haske ta gaske sai a mataki na 10, babu wata dabarar kwano da za ta maye gurbin wannan.

27 ga Janairu

Zama na farko a kanta. Na taje, na miƙar da gashin da diraya mai ɗan ɗumi tun jiya don haɗin ya ratsa. Daga tsakiyar tsayi zuwa baki kawai muke yi, ba abin da ya taɓa fatar kai. Na riƙa haɗawa kaɗan-kaɗan, hoda giram 30 da ruwan haɗi giram 60, saboda haɗin da ya daɗe a kwano ƙarfinsa raguwa yake yi. Sau huɗu na haɗa, hoda giram 120 ke nan. Shafawa kaɗai ta ci fiye da awa ɗaya, don haka na rubuta lokacin kowane ɓangare, na riƙa wanke na ƙeya tun ina kan na gaba.

Sakamako: baki ya kai mataki na 7, tsakiya ta tsaya a na 6. Ban yi tsammanin wannan ratar ba, amma da na yi tunani ba abin mamaki ba ne. Ƙullin gwajina duk bakin gashi ne, mafi tsufa, wanda rana da taza suka riga suka gajiyar, shi ya sa yake saurin sakin launi. Tsakiya ta fi shi ƙarfi da taurin kai.

Ta kalli madubi ta ce, "Yaya, haka zan fita?" Na ce haka za ki zauna mako uku.

3 ga Fabrairu

Wanki ɗaya, kwandishana mai kauri minti 20. Ba karyewa a mataji fiye da yadda aka saba.

10 ga Fabrairu

Haka dai. Ta fara ƙorafin bakin yana harɗewa.

17 ga Fabrairu

Zama na biyu, kuma ranar da na fi jin haushin kaina.

Na fara da tsakiya, na ba ta minti 15 ita kaɗai kafin in ja haɗin zuwa baki, don su haɗu a mataki ɗaya. Wannan ya yi aiki a gaba da gefe: sun fito mataki na 9 daga sama har ƙasa, sumul. Ƙeya ce ta ɓaci. A can gashinta ya fi cika, ni kuma don in yi sauri na riƙa ɗibar tsagi mai kauri. Ƙa'idar da aka koya mini ita ce tsagin ya yi sirantar da za ki iya hango yatsanki ta cikinsa. Nawa sun ninka haka sau biyu ko uku. Haɗin ya lulluɓe waje, bai shiga ciki ba. Da muka busar na buɗa ƙeyar, waje mataki na 9, ciki kuwa layi-layi na lemo, mataki na 7, wani wajen 8.

Da launi mai duhu za mu ɗora da ban damu ba, zai rufe. Amma na ga abin da labanda ta yi a mataki na 8 a kan teburina. A kan waɗannan layukan ba za ta fito ba sam, kan zai zama launi uku.

Hoda giram 130 yau. Abin da ya rage a gwangwani bai kai rabi ba.

24 ga Fabrairu

Gyaran ƙeya. Na tsinci layukan lemon ɗaya bayan ɗaya da wutsiyar mataji, na shafa wa gashin da ke kewaye da su kwandishana don kada haɗin ya hau inda ya riga ya yi haske, na naɗe kowanne a foyil ɗinsa. Hoda giram 25 kacal, amma aikin ya ci awa biyu. Minti 25 suka kai 9, wasu 8 da rabi in za a ce haka.

Bayan wanki na gwada jan sili daga wurare huɗu. Tsakiya tana miƙewa ta koma. Baki, kamar santimita 3 na ƙarshe, yana miƙewa ya ƙi komawa, kuma yana daɗewa bai bushe ba, ga santsi-santsi a hannu in yana jiƙe. Irin alamar da na ja wa jan biro ke nan ranar 17 ga Janairu, kuma yanzu tun ba mu yi zagaye na uku ba.

25 ga Fabrairu

Na zaunar da ita na jera mata ƙullin gwajin. Na nuna mata na mataki na 10 mai labanda, na jiƙa shi, na ba ta ta ja da kanta. Ya tsinke a hannunta. Na ce zaɓi uku ne: shunayya matsakaiciya a kan abin da muke da shi, ko labanda mai hayaƙi, ko ruwan hoda mai haske. Labandar hoton dai sai da wani zagayen bilicin, ni kuma ba zan yi shi ba.

Ta ce, "Yaya, ko minti goma ne ki ƙara mana." Na ce minti goman nan ne zai sa mu share gashin daga ƙasa da tsintsiya. Ta yi fushi har dare, sannan ta dawo ta ɗauki ƙullin ruwan hoda na mataki na 10 ta ce wannan take so, ba na 9 mai lemo-lemo ba.

Wannan ana iya kusantarsa. Tunda shunayya tana kashe rawaya, idan na sa 'yar kaɗan a cikin ruwan hodar za ta biya bashin, ruwan hodar ya fito da sanyinsa. Na ware tsagi biyu a ƙeya. Na farko: kwandishana giram 30, ruwan hoda giram 3, shunayya rabin giram. Na biyu: shunayya giram 1 da rabi. Na farko ya fito ruwan hoda tsantsa, lemon ya tafi. Na biyu ya zarce, ya yi duhu-duhu kamar an yayyafa masa toka. Tazarar giram ɗaya ce tak tsakaninsu.

2 ga Maris

Na datse santimita 3 na bakin da ya mutu. Wanki da shamfu kaɗai, ba kwandishana, na busar sarai. Haɗi: kwandishana giram 240, ruwan hoda giram 24, shunayya giram 4. Na haɗa duka a kwano ɗaya tun farko, domin in ya ƙare a tsakiyar aiki da wuya na biyu ya yi daidai da na farko. Wuraren ƙeya da suka tsaya ƙasa da 9 na ɗebar musu daban na ƙara ɗigon shunayya.

Tsagi sirara wannan karon, na murza da yatsu har ya ratsa. Minti 30, ruwan sanyi.

Gaba da gefe sun fito yadda tsagin gwaji ya nuna. Baki ya fi tsakiya ɗan sanyin launi, saboda gashin da ya gaji ya fi zuƙar shunayya. Ƙeya ta fi ko'ina ɗumi, idan an ɗaga ana ganin wurare biyu da suka ja zuwa lemo. Ita ba ta ganinsu, ni ce nake gani.

9 ga Maris

Wanki na farko, ruwan sanyi. Ruwan ya fito da ɗan launi. A gashi ban ga canji sosai ba.

16 ga Maris

Wanki na biyu. Baki, wanda ya fi ɗaukar launi ranar farko, shi ya fara saki. Lemon ƙeya ya ƙara bayyana.

23 ga Maris

Wanki na uku, kuma rawayar ta dawo neman haƙƙinta. Ba inda ta je da ma, tana nan a ƙasa, rinin da ke samanta ne yake ta yin sirara. Yanzu kan gaba ɗaya ya koma irin ƙullin mataki na 9 da ta ƙi ranar 25 ga Fabrairu, ruwan hoda mai lemo-lemo. Abin dariya, ta ce wannan ɗin ma ya yi mata.

Na haɗa mata na shafawa a gida a cikin ƙaramin kwalba: kwandishana giram 200, ruwan hoda giram 10, shunayya giram 2, ta riƙa barinsa minti goma bayan kowane wanki. Na hana ta shamfu mai shunayya a kai a kai, kada ya taru a bakin ya mayar da shi toka.

30 ga Maris

Ta yi amfani da haɗin sau ɗaya, launin ya farfaɗo, ƙeya dai tana nan da ɗuminta. Jan sili: tsakiya lafiya, baki da sauƙi tun da aka datse. Hodar bilicin da ta rage kamar giram 170 ce bayan abin da gwaje-gwaje suka ci.

Maganar labanda ba ta mutu ba, ta sake tayar da ita yau. Na ce a ƙarshen Mayu zan ware tsagi ɗaya siriri a gefen kunne, in bar rinin ya fita, in yi masa bolum 10 na minti 15, in ja shi yana jiƙe a gabanta. Idan ya koma, sai mu yi maganar tsagi biyu na gaba kawai. Kafin nan ina bukatar wani rinin shunayya da ya fi karkata wajen ja, don wanda ke hannuna shi ya ba ni kore a watan Janairu.